Suna Ɗaya, Riga Daban: Lambar Waya Ake Bi Wajen Sayen Kayanta

A shekarar 2021 kamfanin Samsung ya fitar da wayoyi biyu masu suna Galaxy A32. Ɗaya 4G ce, faɗin fuskarta inci 6.4, ɗayar kuma 5G, inci 6.5. Ta biyun ta fi ta farkon tsawo da kusan milimita 5. A ido ba wani abu ba ne, amma rigar ɗaya ba ta zama a jikin ɗaya, gilashin da ake mannawa a fuska ma haka. Ɗan kasuwar da ya ɗora hoton riga ya rubuta "ta A32" kawai, bai gama magana ba. Wanda ya yi oda daga Gusau, aka ɗoro masa a mota daga kasuwar Farm Centre ta Kano, sai ya buɗe leda zai ga ko ya dace.

Abin da ke raba gardama shi ne lambar samfuri. Ta 4G tana farawa da SM-A325, ta 5G kuma SM-A326. Mai waya zai same ta idan ya shiga Settings ya danna About phone, ko ya duba jikin kwalin. Don haka tallar kirki cewa za ta yi: "Rigar Galaxy A32 4G, SM-A325, ba ta shiga A32 5G." Wannan "ba ta shiga" ɗin ita masu talla suka fi ƙyuyar rubutawa, alhali ita ke hana dawo da kaya, da asarar kuɗin mota zuwa da dawowa, da ɓacin rai.

Kada kuma a yaudaru da inci. Daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi, bai ce komai ba kan inda kyamara take ko inda maɓallan ƙara sauti suke. Shi ya sa gilashin iPhone 13 yake hawa iPhone 14 daram, amma rigar ba a cika dacewa ba, domin ta 14 ta ɗan fi kauri, tudun kyamararta da maɓallanta sun ɗan gusa. Idan ka ga riga tana danne maɓalli, ko gefen gilashi ya ƙi kwanciya yana tara iska, ba nata ba ne.

Ita caja tambaya biyu gare ta: wane irin baki, kuma wat nawa? Micro-USB daban, Type-C daban, Lightning na iPhone daban, har zuwa 2023 da iPhone 15 ta koma Type-C. Shigar baki kuma ba ita ce saurin caji ba. A32 wat 15 take iya ɗauka, ko ka saya mata kan caja mai wat 45 ba za ta wuce haka ba. Mai tallar da ya rubuta "tana yi wa kowace waya", a tambaye shi wace da wace, ya faɗa da lamba kafin a tura kuɗi.