Buhu Nawa Zai Kai Nuwamba? Yadda Ƙungiyar Manoman Albasa Ke Kintatar Kuɗin Shiga

Duk wanda ya ratsa Aliero a Jihar Kebbi, ko Galmi a yankin Tawa na Nijar, cikin watan Maris zuwa Afrilu, ya ga albasa jibge a bakin hanya, manoma suna neman mai saye ido rufe. Idan ya koma a watan Nuwamba sai ya tarar labari ya juya, dillalai ne ke bin gida-gida suna cigiya, kuma buhun da aka yi ta tayawa da arha a bazara ya ninka kuɗinsa biyu ko uku. Wannan tazara ce ke sa manoma su haɗu su kafa ƙungiyar gama kai, su tara amfaninsu wuri guda, su adana, su jira farashi. Ita ce kuma ke rikita sakataren ƙungiya ranar da aka ce ya rubuta kasafin kuɗin shekara, domin dole ya faɗi abin da zai shigo tun kafin a cire albasa ko ɗaya daga gona.

A ɗauki misalin ƙungiya mai mambobi 40, kowa ya yi alkawarin kawo buhu 10. Ƙungiyar ce ke adanawa ta sayar, ta cire la'adar kashi 10 cikin ɗari, ta miƙa wa kowa sauran kuɗinsa. Alƙaluman nan na misali ne, amma tsarin lissafin haka yake a ko'ina. Abu na farko da ke zuwa wa sakatare a rai shi ne farashin da ya fi burge kowa bara, wato naira 80,000 da buhu ya taɓa kaiwa a ƙarshen shekara. Sai ya ninka da buhu 400, ya sami naira miliyan 32, la'adar ƙungiya ta kama miliyan 3 da dubu 200. Aka karanta a taro, aka yi tafi, har wani dattijo ya kawo shawarar a sayi sabon injin ban ruwa.

Lissafin bai yi kuskuren ninkawa ba. Kuskurensa shi ne ya ɗauki abubuwa huɗu a matsayin tabbas, alhali kowannensu na iya gocewa: yawan buhun da za a kawo, yawan wanda zai tsira a ajiya, farashin ranar da za a sayar, da lokacin da kuɗin zai shigo hannun ma'aji.

Buhunan da aka yi alkawari ba su cika zuwa duka. Manomi yana da bashin taki da na fetur da ya ci a lokacin noman rani, ga hidimar gida, ga biki, kuma dillali yana tsaye a bakin gona da kuɗi a hannu. Babu wanda zai zarge shi idan ya sayar da buhu biyu a can. Amsar tana cikin littafin ƙungiya: a duba shekara uku da suka wuce, a ga nawa aka yi alkawari, nawa aka auna a ƙofar sito. Idan littafin ya nuna takwas cikin goma ke isowa, to buhu 320 za a rubuta.

Sai batun ajiya, inda mafi yawan kuɗin ke zurarewa ba tare da an ji ƙararsa ba. Albasa tana da rai, tana numfashi, tana fitar da ruwa. A cikin rudu, wato rumfar kara da ciyawa da ake ɗagawa daga ƙasa don iska ta ratsa, kwanon albasa yana raguwa da nauyi saboda zafin bazara, sannan idan damina ta sauka laima ta sa wasu su ruɓe daga wuya, wasu su tsiro. Albasar da aka ɗura wa takin zamani da yawa, ko aka yi wa ban ruwa dab da cirewa, ko ba a bar ta ta sha iska ba kafin a zuba, ita ta fi saurin lalacewa. Manoma sun san shekarar da ake asarar rabin abin da aka zuba. Saboda haka buhun da aka ajiye a Afrilu ba buhu ba ne a Nuwamba, kuma kasafin da bai rage wannan ba ya ƙirga albasar da za a zubar a juji.

Akwai ɗan lissafi da ya kamata kowane ma'aji ya iya da ka. Idan buhu yana naira 25,000 a Afrilu, kuma huɗu cikin goma za su lalace kafin Nuwamba, sai farashi ya kai wajen naira 41,700 kafin a ce an mayar da uwar kuɗi, ba a ma sa ladan mai gadi da na masu tsincewa ba. Abin da ya haura wannan ne kaɗai riba.

Farashi kuwa ba a ɗaukar na ranar da ya fi tsada, domin ba a ranar ake sayar da komai ba. Ƙungiya mai hankali takan kasa kayanta uku. A misalinmu, buhu 100 za su tafi a Afrilu a kan naira 25,000, don mambobi su biya bashi, kuɗin ya kama miliyan 2 da rabi. Wasu 100 za a buɗe a Agusta, a sami 80 masu kyau, a sayar a kan 45,000, ya kama miliyan 3 da dubu 600. Ragowar 120 su jira Nuwamba, a sami 72, a sayar a kan 70,000, ya kama miliyan 5 da dubu 40. Jimillar ciniki naira miliyan 11 da dubu 140, la'adar ƙungiya miliyan 1 da dubu 114. Kusan kashi ɗaya cikin uku ke nan na abin da aka yi wa tafi a taro.

Daga ina aka samo 45,000 da 70,000? A lokacin da hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari, kamar yadda ta yi a 2024, farashin shekarun baya ba ya kwatantuwa kai tsaye da na bana. Abin da ya fi amfani shi ne ninki. A duba kowace shekara a ga sau nawa farashin Nuwamba ya ninka na Afrilu. Idan shekara uku sun ba da biyu, da kusan uku, da uku da rabi, sai a ɗauki na tsakiya, a ɗora shi a kan farashin Afrilun bana da zarar an san shi. Ana kuma duba inda azumi da salla suka faɗo, domin suna matsowa da kwana goma zuwa sha ɗaya kowace shekara, kuma ciniki yana bin su.

Ko da an yi wannan duka, lamba ɗaya ba ta isa ba, domin kasuwar albasa tana jin duk abin da ya taɓa hanya. A farkon 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, 'yan kasuwar Arewa sun dakatar da kai kayan abinci Kudu na wasu kwanaki, kayan gwari suka taru a gida farashi ya faɗi. A farkon 2023 ƙarancin takardun naira ya sa masu saye suka rasa tsabar da za su biya manoma. A ranar 29 ga Mayu na shekarar aka cire tallafin fetur, kuɗin mota da na ban ruwa suka tashi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar aka rufe iyaka, ba a buɗe ta ɓangaren Najeriya ba sai Maris 2024, kuma manoman Galmi da ke dogaro da kasuwannin ƙasashen gabar teku sun ji a jikinsu. Babu sakataren da zai hango irin waɗannan, amma yana iya barin musu gurbi.

Gurbin shi ne a rubuta lissafi uku. Na tsakiya shi ne wanda aka yi a sama. A na ƙasa, sai a ɗauka rabin kason Nuwamba ya ruɓe, farashi kuma ya tsaya a 50,000 saboda sabuwar albasa ta shigo da wuri: la'ada ta sauko naira 910,000. A na sama, buhu 84 sun tsira an sayar a 90,000: la'ada ta kai miliyan 1 da dubu 366. Duk kashe-kashen da ba makawa, kamar gyaran rudu, ladan mai gadi, buhuna da kuɗin tsincewa, a kan na ƙasa ake ɗora su. Idan sun kama naira 840,000, ƙungiya za ta fita ko shekara ta yi muni. Injin ban ruwa kuwa yana shiga jerin abin da za a saya idan an ga kuɗin Nuwamba a hannu. Dokar ƙungiyoyin gama kai ta Najeriya ta 1993 ma ta tanadi a riƙa ware wani kaso na rarar shekara a asusun ajiya kafin a raba riba, don haka rarar ba duka ce ta kashewa ba.

Saura abu na huɗu, wato lokaci. Kasafi yana iya daidaita a ƙarshen shekara, amma aljihu ya bushe a tsakiya. Gyaran rudu na naira 250,000 a Maris ake yinsa, kafin a sayar da ko buhu ɗaya, la'adar Afrilu kuma daidai wannan ramin za ta cike. Daga Mayu zuwa Yuli babu ciniki. Abin da ke shigowa sai kuɗin wata-wata na mambobi, naira 1,000 kowa, wanda a takarda 40,000 ne amma da damina, lokacin da kowa ke neman kuɗin taki, da ƙyar 30,000 ke taruwa, daidai ladan mai gadi. Cinikin Nuwamba shi ma ba lallai ya zama kuɗin Nuwamba ba. Dillalin da ya loda mota zuwa kasuwar Mile 12 a Legas yakan ba da wani abu a hannu, ya ce sauran sai ya dawo, dawowar kuma tana iya kaiwa Janairu. Shi ya sa ake ja layi goma sha biyu a littafi, kowane wata da nasa, a rubuta kuɗi a watan da ake sa ran taɓa shi. Watan da ya nuna giɓi, tun Fabrairu za a san ko daga ajiyar bara za a cike shi, ko za a matso da wani kason Agusta zuwa Yuli.

Kintace ba ya ƙarewa ranar taro. Duk mako biyu ana shiga rudu a tsince ruɓaɓɓu, kuma abin da ya kamata shi ne a auna abin da aka fitar a rubuta, maimakon a watsar kawai. Wari, ƙudaje, wuyan albasa da ya yi laushi, da koren tsiro, su ne alamun farko. Idan an yi kirdadon asarar biyu cikin goma zuwa Agusta amma an riga an kai nan a ƙarshen Yuni, lissafin tsakiya ya faɗi, sai kwamiti ya zauna ya koma na ƙasa, ya kuma duba ko gara a sayar da wuri. Ma'aji yana buga waya ga dillalai biyu ko uku a kasuwanni daban-daban kowace ranar kasuwa, ya rubuta farashin da kwanan wata, ko da ƙungiya ba ta sayar da komai a ranar ba. Waɗannan shafuka biyu, na asarar rudu da na farashin mako-mako, su ne sakataren baɗi zai buɗe a Fabrairu idan aka ce ya kawo sabon kasafi.