Yadda alamar tauraro ɗaya ke haɗiye rabin labari a kwamfuta, da alamar tambayar da ke taka mata birki

Masu gyaran rubutu a kwamfuta da masu rubuta manhajoji suna da wata dabarar bincike da ake kira rejeks. A manhajoji irin su Notepad++ ana ganin ta da sunan `Regular expression` a akwatin bincike. Maimakon ka nemi kalma guda, sai ka siffanta wa kwamfuta kamannin abin da kake nema, ita kuma ta zaƙulo duk abin da ya dace da siffar.

Dabarar na rage aikin awanni ya koma na daƙiƙu. Sai dai akwai wani kuskure da sabbin shiga ke yawan faɗawa ciki, har ma da tsofaffin hannu: rejeks ɗin ya kama abin da aka aike shi, ya kuma haɗa da abin da ba a aike shi ba. Idan gogewa ake yi, rubutu ya tafi ke nan, kuma kwamfuta ba za ta nuna alamar an yi ɓarna ba.

Umarni ɗaya, kalmomi 7 sun ɓace

A ce edita yana da fayil mai ɗaruruwan layuka, kuma ya riƙa saka wa kansa 'yan tunatarwa a cikin baka mai kusurwa. Ga ɗaya daga cikin layukan:

```
Shugaba [duba suna] ya ce za a biya albashi gobe [tabbatar] da safe.
```

Kafin a wallafa labarin, dole a cire tunatarwar nan duka. Abin da ya fi saurin zuwa wa mutum a rai shi ne ya rubuta wannan a gurbin bincike, ya bar gurbin musanyawa babu komai:

```
\[.*\]
```

Ma'anarsa ba ta da wuya. `\[` na nufin bakan buɗewa, `\]` kuma bakan rufewa. Sandar da ke gaban kowannensu tana sanar da kwamfuta cewa ainihin bakan ake nema, domin baka mai kusurwa na da wani aiki na daban a rejeks. Ɗigon na nufin kowane harafi, lamba ko sarari. Tauraron kuma na nufin a maimaita abin da ya gabace shi ko sau nawa ne, ko da ma babu ko ɗaya.

A tunanin edita, ya ce ne a nemo baka, da abin da ke cikinsa, da bakan da ya rufe shi. Ga abin da ya rage bayan ya danna `Replace All`:

```
Shugaba  da safe.
```

Tunatarwar biyu sun fita, amma sun tafi da kalmomi 7 da ke tsakaninsu, wato "ya ce za a biya albashi gobe". Zuciyar labarin ce ta salwanta.

Me ya sa tauraro ke da haɗama?

Kwamfutar ba ta yi kuskure ba, ƙa'idarta ta bi. Masana na kiran tauraro alama mai haɗama, domin ɗabi'arsa ita ce ya kwashi iya abin da zai iya kwasa tukuna, sannan ya mayar da wani abu idan ya zama dole.

Ga yadda aikin ya gudana a layin da ke sama. Injin binciken ya taho daga hagu har ya iske bakan farko, na gaban "duba". Daga nan `.*` ya karɓi aiki. Tun da ɗigo ya dace da kowane harafi, har da bakan rufewa kansa, bai tsaya a ƙarshen "suna" ba. Ya zarce har ƙarshen layi.

A nan injin ya tuna cewa saura `\]`, ga shi kuma layi ya ƙare. Sai ya fara ja da baya, yana sakin haruffa ɗaya bayan ɗaya. Ya saki ɗigon ƙarshe, ya duba, ba baka ba ne. Ya saki haruffan "safe", da sarari, da "da", da wani sararin. Guda 9 ke nan. Na 10 da ya saki shi ne bakan da ya rufe "tabbatar". Buƙata ta biya, sai ya tsaya.

Wato tun da daga ƙarshen layi yake dawowa, bakan rufewa na ƙarshe ne zai fara cin karo da shi, ba na kusa ba. Alamar `+`, mai nufin sau ɗaya ko fiye, ita ma haka take.

Dalilin da ya sa ba a saurin ganewa

Abin da ke yaudarar mutane shi ne, a layin da ke da tunatarwa ɗaya tak, rejeks mai haɗama na aiki daidai, domin bakan rufewa na farko shi ne kuma na ƙarshe. Mutum zai gwada a layi biyu ko uku, ya ga komai lafiya, ya saki jiki. Ɓarnar na faruwa ne kawai a layukan da ke da biyu ko fiye, kuma watakila suna can ƙasan fayil inda ido bai kai ba.

Abu na biyu, a yawancin manhajoji ɗigo ba ya tsallake ƙarshen layi, shi ya sa ɓarnar ke tsayawa a layi guda. Amma a Notepad++ akwai wani ɗan akwati mai suna `. matches newline`. Idan aka kunna shi, wannan rejeks ɗin zai kama tun daga bakan farko na fayil har zuwa na ƙarshensa, ya share duk abin da ke tsakani a danni ɗaya.

Hanya mafi sauƙi ta gano matsalar ita ce ƙirga. Kafin ka musanya komai, nemi `\[` kaɗai ka danna `Count`. Sannan ka sa cikakken rejeks ɗin ka sake ƙirgawa. Idan bakunan buɗewa 120 ne amma rejeks ya samo 95, to akwai wuraren da ya haɗe biyu ko uku a kamu ɗaya. A layinmu, baka 2 ne, kamu 1.

Maganin: alamar tambaya

Gyaran harafi ɗaya ne. A sa alamar tambaya a bayan tauraron:

```
\[.*?\]
```

A wannan gurbin alamar tambaya na juya ɗabi'ar tauraro, ya koma abin da ake kira malalaci. Malalaci ba ya ɗaukar komai sai an tilasta masa. Bayan bakan buɗewa, yana farawa da hannu wayam, ya duba ko harafi na gaba bakan rufewa ne. Harafin "d" ne, don haka ya ɗauke shi ya sake dubawa. Haka zai yi ta ƙarawa ɗaya-ɗaya har ya tara haruffa 9 na "duba suna". Na gaba baka ne, sai ya tsaya cak.

Kamun farko ya ƙare a nan. Injin ya ci gaba daga inda ya tsaya, ya samo `[tabbatar]` a matsayin kamu na biyu. Sakamakon:

```
Shugaba  ya ce za a biya albashi gobe  da safe.
```

Labarin ya tsira. Abin da ya saura shi ne sarari biyu a jere inda aka cire kowace tunatarwa, kuma ana kauce wa wannan ta hanyar buga sarari ɗaya a farkon rejeks ɗin, domin a cire shi tare da bakan.

Mai waya ma zai iya gwadawa. A Google Sheets, saka layin a gidan A1, sannan ka rubuta wannan a wani gida. Cire alamar tambayar ka mayar, za ka ga bambancin nan take:

```
=REGEXREPLACE(A1,"\[.*?\]","")
```

Harshen Perl ne ya yaɗa wannan salo tun fitowar Perl 5 a 1994, kuma yau yana aiki a Python, JavaScript, Java da PHP. Amma ba ko'ina ba. Umarnin `sed` na Linux bai san malalacin tauraro ba, haka ma `grep`, sai dai idan an haɗa masa `-P`.

Inda malalaci ma ke kasawa

Mutane da yawa na ɗauka cewa malalaci na zaɓo kamu mafi gajarta a layi. Ba haka ba ne. Yana rage tsawon kamun ne ta dama kawai. Ta hagu kuwa, daga bakan farko da injin ya gani zai fara, ba ya canzawa muddin kamun zai yiwu.

A ce editan ya manta bai rufe tunatarwar farko ba:

```
Shugaba [duba suna ya ce za a biya albashi gobe [tabbatar] da safe.
```

Malalaci zai fara daga bakan "duba", ya yi ta ƙara haruffa yana neman bakan rufewa. Ba zai samu ba sai a ƙarshen "tabbatar". Ɓarnar ta dawo yadda take, kalmomin nan 7 sun sake tafiya.

Tushen matsalar shi ne ɗigo, domin ba ya ƙin komai. Saboda haka ƙwararru kan maye gurbinsa da abin da ya fi shi tsantseni:

```
\[[^\[\]]*\]
```

Ɓangaren tsakiya, `[^\[\]]`, na nufin kowane harafi in ban da baka. Tauraron nan har yanzu mai haɗama ne, amma an yi masa shinge, ba zai iya tsallake baka ba. A layin da aka manta rufewa, `[tabbatar]` kaɗai zai kama, ya bar ɗayar a fili inda edita zai gan ta ya gyara da hannu.

To yaushe malalaci ya fi dacewa? Lokacin da alamar rufewa ta wuce harafi ɗaya. A rubutun shafukan intanet, misali, ana rufe bayanin da ba a son mai karatu ya gani da `-->`, haruffa 3. A nan `<!--.*?-->` ya fi sauƙin rubutawa da karantawa, tun da shingen harafi ɗaya ba zai wadatar ba.

Akwai kuma tarko na ƙarshe. Malalaci na buƙatar abin da zai tsayar da shi a gaba. Idan aka rubuta `\[.*?` ba tare da bakan rufewa ba, bakan buɗewa kaɗai zai kama, domin babu abin da ya tilasta masa ɗaukar ko harafi ɗaya.

Kowanne aka zaɓa, a ajiye kwafin fayil tukuna, a gwada rejeks ɗin a layi mai tunatarwa biyu da kuma layin da aka manta rufewa, a danna `Find All in Current Document` a karanta abin da ya kamo da ido. Idan adadin kamu ya yi daidai da adadin bakunan buɗewa, sannan a danna `Replace All`.