Gyaran suna a katin gayyatar aure da wayar hannu

A watan jiya wani maƙwabcina a New Bell ya shigo mini bayan sallar isha'i, hankalinsa a tashe. Saura kwana biyar a ɗaura auren 'yarsa, mu kira ta Hadiza, sai ga katin gayyata ya fito da sunan ƙanwarta Hajara. Yaron da ya tsara katin a wajen kasuwar Mboppi ya yi tafiya, wayarsa kuma a kashe. In kati ya isa Garwa da Yawunde da Kano a haka, to wace ce amaryar? Mai karatu ya san irin maganar da wannan kan haifar a tsakanin dangi.

A daren muka gyara shi da manhajar Snapseed ta kamfanin Google. Kyauta ce, ba ta buga tambarinta a kan hoto, kuma da zarar an sauke ta ba ta bukatar intanet.

Abin da ya kamata mai koyo ya fara ganewa shi ne, sunan da ke cikin hoto ba rubutu ba ne a wurin waya, zane ne kamar furen da ke gefensa. Saboda haka ba a goge harafi ɗaya a sa wani. Aikin biyu ne: a shafe tsohon suna gaba ɗaya, sannan a ɗora sabo.

Da fari, a nemi hoto mai kyau. WhatsApp yakan matse hoton da aka tura ta hanyar da aka saba, in ya yi yawo hannu zuwa hannu sai haruffa su dushe. A roƙi wanda ke da na asali ya turo shi a matsayin Document. Mu a wayar wan ango muka samo namu.

Na biyu, shafewa. A buɗe hoton a manhajar, a shiga Tools, a zaɓi Healing. Wayar da ke Faransanci za ta nuna Outils da Correction. A ware yatsu biyu a kan hoton har sunan ya cika fuskar wayar, sannan a riƙa shafa harafi ɗaya bayan ɗaya. Manhajar tana ɗebo launin da ke kewaye ne ta cike gurbin. Nan na yi kuskuren farko: na ja yatsa a kan Hajara duka a tashi ɗaya, sai ta kwaso guntun sunan ango daga layin ƙasa ta manna a wurin. Kibiyar komawa baya ta cece ni. Da na bi a hankali, haruffa shida suka tafi ba tabo, na danna alamar amincewa.

Na uku, rubutawa. A koma Tools, a zaɓi Text, a taɓa rubutun da ya bayyana sau biyu, a rubuta sabon suna. Sai a zaɓi salon haruffa da launi, a ja sunan zuwa gurbinsa, a matse yatsu biyu har tsayinsa ya daidaita da layin. Salon haruffan Snapseed kaɗan ne, da wuya a sami irin na katin sak. Dabarar da muka yi ita ce, mun shafe sunan ango ma, muka sake rubuta duka biyun da salo ɗaya. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka haka aka tsara. In sunan yana da ƙ ko ɗ ko ɓ, a duba da kyau, domin wasu salon ba su da waɗannan haruffa.

Na huɗu, a danna Export a adana sabon kwafi, a bar na asali yadda yake.

Amma fa dabarar tana da iyaka. Tana yin kyau ne in bayan sunan fili ne mai launi ɗaya. In sunan yana kan fure ko zanen zinariya, shafewa kan bar dabbare, gara a nemi mai tsara kati. Haka kuma katin da aka riga aka buga a takarda, waya ba ta gyara shi.

Kafin a tura, a ba mutum biyu su karanta, ɗaya daga gidan amarya, ɗaya daga gidan ango. A duba Alhaji da Malam da marigayi, a duba rana da masallaci. Kada wani ya taɓa suna ba da yardar waliyyi ba. Ranar maƙwabcina ya ce mini, "Malam, waɗanda tsohon ya riga ya isa gare su fa?" Muka tura musu sabon tare da saƙon murya cewa wannan ne daidai, su goge wancan.

An ɗaura aure lafiya. Allah ya ba su zaman lafiya, amin.