Yadda ake tsara jadawalin darussan sakandare ba tare da an ci karo ba

A makon farko na kowane sabon zangon karatu, ba abin mamaki ba ne a ga malamai biyu sun yi kiciɓis a ƙofar aji ɗaya, kowa riƙe da takardar da ta nuna lokacinsa ne, alhali a can ƙarshen baranda wani ajin na zaune babu malami. Akan ɗora laifin a kan wanda ya buga takardar. Sai dai galibi kuskuren ya faru ne tun kafin a ja layin farko, domin an fara cike gurabe ba a yi ƙidaya ba.

A yawancin makarantun sakandare na Nijeriya, aikin yana wuyan mataimakin shugaban makaranta mai kula da harkokin karatu, da ɗan kwamitin da ke taimaka masa. Dokokin da suke kiyayewa uku ne: malami ba ya shiga aji biyu a lokaci guda, aji ba ya karɓar darasi biyu a lokaci guda, kuma ɗaki ɗaya ba ya ɗaukar aji biyu. Kiyaye su gaba ɗaya shi ne inda gizo ke saƙar.

Ƙidaya kafin zane

A ɗauki misalin babbar sakandare mai azuzuwa 12, wato huɗu a kowace shekara daga SS1 zuwa SS3, biyu daga cikin kowaɗanne huɗu na kimiyya ne. Kowane darasi minti 40 ne. Daga Litinin zuwa Alhamis ana yin darasi takwas a rana, ranar Juma'a kuma shida saboda tafiya masallaci. Ke nan kowane aji yana da gurabe 38 a mako.

Wannan adadi shi ne ma'aunin komai. Idan aka haɗa abin da shugabannin sassa suka nema wa aji ɗaya ya kai 41, to dole a zauna a rage uku kafin a ci gaba, domin babu dabarar da za ta cusa 41 a cikin 38. Haka ma malami: mai koyar da Lissafi sau biyar a mako a azuzuwa takwas yana buƙatar gurabe 40, wanda ya zarce makon kansa. Irin wannan matsala ba ta jadawali ba ce, ta rabon aiki ce, kuma a can ake warware ta.

Ɗakin gwaje-gwaje da lokacin tashi tara

Ƙidayar da aka fi mantawa da ita ita ce ta ɗakuna. A makarantar nan, ɗakin gwaje-gwaje ɗaya ne, kuma Fizis da Kemistiri da Bayoloji duk a cikinsa suke aiki. Gwaji ba ya yiwuwa cikin minti 40, saboda fito da kayan aiki da wanke su kaɗai kan cinye wani kaso na lokacin. Don haka kowane fanni yana buƙatar gurabe biyu a jere, waɗanda za a iya kira tagwayen gurabe. Azuzuwan kimiyya shida, kowanne da fanni uku, sun ba da tagwaye 18 a mako.

Ko ɗakin zai iya ɗaukar 18? Amsar ta dogara ne a kan abin da mutane kaɗan ke kulawa da shi, wato lokacin da ake tashi tara. Ba a raba tagwaye da hutu, domin ba a barin wuta tana ci ko sinadari a buɗe a fita cin abinci. Idan ana tashi bayan darasi na biyar, za a sami tagwaye biyu kafin hutu da ɗaya bayansa, wato uku a rana. Kwana huɗu sun ba da 12, Juma'a ta ƙara biyu, jimilla 14. Huɗu sun rasa wuri.

Amma idan aka matso da hutun zuwa bayan darasi na huɗu, ranar ta rabu gida biyu daidai: tagwaye biyu da safe, biyu bayan hutu. Kwana huɗu sun ba da 16, Juma'a ta ƙara uku, jimilla 19. Ba a gina sabon ɗaki ba, ba a ɗauki sabon malami ba, amma duka 18 sun shiga, har ɗaya ya yi saura. Ga ɗalibin da zai zauna jarrabawar gwaji ta WAEC ko NECO, wannan matsi na minti 40 shi ne bambancin wanda ya saba riƙe kwalbar awon sinadari da wanda ya san ta a hoton littafi kawai.

Mai wuya shi ake fara zaunarwa

Bayan ƙidaya sai zubi, kuma ƙa'idarsa ita ce a fara da darasin da ba shi da zaɓi da yawa. A misalin nan, malamar Kemistiri mai yi wa ƙasa hidima ce, kuma ranar Alhamis take zuwa aikin raya al'umma na hukumar NYSC. Saboda haka tagwayenta shida dole su faɗa cikin sauran kwana huɗun: biyu Litinin, biyu Talata, ɗaya Laraba, ɗaya Juma'a. Alhamis sai a bar wa Fizis da Bayoloji, kowanne biyu. Ragowar Fizis huɗu su shiga Litinin da Talata ɗaiɗai, Laraba biyu. Ragowar Bayoloji huɗu su bazu ɗaiɗai a Litinin, Talata, Laraba da Juma'a. Tagwayen ƙarshe na Juma'a su zauna fanko, don rama gwajin da hutun gwamnati ya cinye.

Na biyu a wahala su ne darussan da aji ke rarrabuwa a cikinsu. A gari irin Abuja, inda 'ya'yan ma'aikata daga kowace jiha ke zama a benci ɗaya, lokacin darasin addini aji kan kasu biyu, lokacin harshe kuma ya kasu uku: Hausa, Ibo da Yarabanci. Idan SS2A da SS2B za su yi harshe tare, ana buƙatar malamai uku su kasance a sake a lokaci guda, da ɗakuna uku. Azuzuwan biyu ɗakuna biyu kawai suke da su. Wanda bai rubuta ɗaki na uku a jadawali ba, zai tarar da rukuni ɗaya a gindin bishiya.

Sai an kafe waɗannan sannan a zuba Lissafi da Turanci, sau ɗaya a rana ga kowane aji, kana sauran fannoni su cike abin da ya rage. Mai farawa da su don ya ba su safiya yakan wayi gari ya toshe gurabun da gwaji ke buƙata.

Idan darasi ɗaya ya maƙale

Kusan kullum akan zo ƙarshe da darasin da ya ƙi shiga. A ce saura Lissafi ɗaya na SS2A, kuma gurbin da ya rage wa ajin shi ne na shida ranar Laraba, amma a lokacin malamin yana SS1B. Ba a rusa jadawalin. Sai a nemi lokacin da malamin yake a sake, a ce gurbi na biyu ranar Alhamis, a duba wanda ke SS2A a lokacin. Idan malamin Tarbiyyar Ɗan Ƙasa ne, kuma ba shi da aji a na shida ranar Laraba, sai a mayar da shi can, Lissafi ya maye gurbinsa. Idan yana da wani aji a lokacin, sai a dawo da wancan darasin nasa zuwa Alhamis, a tura wanda ya tarar a can zuwa Laraba, a yi ta bin sarƙar a tsakanin lokutan nan biyu kaɗai har ta tsaya a kan malamin da yake a sake. A ƙarshe a tabbatar musanyar ba ta tara wa aji fanni ɗaya sau biyu a rana ba.

Wannan dabara tana da tushe a ilimin lissafi. Daga wata ƙa'ida da masanin ƙasar Hungary, Dénes Kőnig, ya tabbatar a 1916, an san cewa muddin malamai da azuzuwa ne kawai a lissafin, kuma babu wanda nauyinsa ya wuce yawan gurabun mako, to lallai akwai jadawalin da babu karo a cikinsa. Amma tabbacin yana faɗuwa da zarar an ce wasu malamai ba sa samuwa a wasu lokuta. A 1976 Even da Itai da Shamir suka nuna cewa a wannan hali matsalar tana cikin rukunin waɗanda ba a san wata gajeriyar hanyar warware su ba. Ma'anar wannan ga shugaban makaranta a fili take: duk alfarmar da aka yi wa wani malami ta "kada a sa ni ranar Juma'a" tana rage hanyoyin da suka rage wa kowa.

Yadda ake gano karo kafin Litinin

Ido yana gajiya, don haka gara a bar wa kwamfuta bincike. A manhajar Excel, a ba kowane aji layi ɗaya daga na 2 zuwa na 13, kowane gurbi kuma ginshiƙi ɗaya daga B zuwa AM, wato 38. A cikin kowane gida a rubuta lambar malami maimakon sunansa. Sai a zaɓi dukan gidajen, a shiga Conditional Formatting, a sa wannan:

```
=COUNTIF(B$2:B$13,B2)>1
```

Duk malamin da ya bayyana sau biyu a ginshiƙi ɗaya, gidajensa za su sauya launi. A yi shafi na biyu mai lambobin ɗakuna, a maimaita. Don tabbatar da nauyin malami a mako kuwa:

```
=COUNTIF(B2:AM13,"T07")
```

Binciken yana da iyaka biyu. Idan an rubuta T07 a wani gida, T7 a wani, kwamfuta za ta ɗauka mutum biyu ne, karon ya wuce ba a gani ba. Sannan darasin haɗaka, inda malami ɗaya ke koyar da azuzuwa biyu tare da gangan, zai fito da launi ko da yake ba kuskure ba ne. Akwai manhajoji na musamman irin su FET, wadda kyauta ce, masu zuba jadawalin da kansu, amma su ma ba za su iya sa tagwaye 18 a gurabe 14 ba.

Mataki na ƙarshe shi ne a fitar da takardar kowane aji, ta kowane malami da ta kowane ɗaki daga babban jadawali ɗaya, a rubuta kwanan wata a kan kowacce. Sau da yawa malaman nan biyu da suka haɗu a ƙofar aji duk suna da gaskiya: ɗaya yana riƙe da takardar makon jiya, ɗayan kuma da wadda aka gyara ranar Juma'a ba a sauke tsohuwar daga allon ɗakin malamai ba.