Daga kwalbar asid zuwa ɗigon ƙarshe

Duk ɗalibin kimiyya da ya zauna jarrabawar WAEC ko NECO ya haɗu da aikin da ake kira taitireshan. Ana ɗiga asid a hankali cikin ruwan alkali har su kashe kaifin juna, sai a duba yawan asid ɗin da aka ci, a gane ƙarfinsa. Littafin gwaji kan ba da umarnin a gajarce: sa tabarau, ɗauraye buret, kada ka tsotsa da baki. Ba kasafai yake faɗin dalili ba, kuma umarnin da ba a san dalilinsa ba shi ake fara watsarwa idan lokaci ya ƙure. Bari mu bi aikin da asid ɗin HCl da alkalin NaOH, mu ga abin da ke bayan kowane mataki.

Mafi haɗarin aikin yana faruwa tun ɗalibai ba su shigo ba, lokacin da malami ko mai kula da ɗakin gwaji ke sirka asid. HCl mai kauri, yadda yake zuwa a kwalba, ƙarfinsa ya kusa mol 12 a kowace lita, alhali ɗalibai 0.1 kawai suke buƙata. Wajen mililita 8.5 ya isa a haɗa lita guda. Tururinsa na shaƙe mutum, shi ya sa ake buɗe shi a akwatin zuƙe hayaƙi ko inda iska ke ratsawa sosai. Ƙa'idar ita ce a fara zuba ruwa, sannan a tsiyaya asid a ciki kaɗan-kaɗan ana motsawa. Haɗuwar asid da ruwa zafi take fitarwa, kuma ruwa mai yawa yana shanye zafin. Abin ya fi tsanani da H₂SO₄ mai kauri, wanda nauyinsa ya kusa ninka na ruwa. In aka zuba masa ruwa, ruwan zai tsaya a sama, ya tafasa nan take, ya fantsamo da asid zuwa fuskar mai zubawa.

Tabarau kuwa, mutane da yawa suna ɗauka saboda asid ake sa shi. Alkalin ya fi zama abin tsoro ga ido. Asid yakan daskarar da naman da ya taɓa, wannan ya rage masa saurin kutsawa, shi kuwa NaOH narkar da kitse da nama yake yi yana ƙara shiga ciki. Santsin da ake ji idan ya taɓa yatsa, maiƙon fata ne yake mayarwa sabulu, kamar yadda ruwan toka ke yi wa mai a tukunyar masu sabulun salo. Ruwan da ake ba ɗalibai mai rauni ne, a fata wankewa ta wadatar, amma ido ba ya jure abin da fata ke jurewa. Idan ya shiga, a buɗe fatar idon a yi ta kwarara ruwa mai tsabta aƙalla minti 15, sannan a tafi asibiti. Kada a ce za a kashe alkali da asid ko asid da alkali a jikin mutum, ƙuna ce za a ƙara a kan ƙuna. A ganina makarantar da famfonta ba ya kawo ruwa bai kamata ta fara wannan aiki ba sai an ajiye bokitan ruwa mai tsabta a kusa. Haka kuma a tura gefen hijabi da faɗin hannun riga cikin rigar gwaji, domin su ne ke sharo kwalba daga tebur, a kuma sa takalmi rufaffe.

Buret doguwar kwalba ce siririya mai ɗaukar mililita 50, da ɗan famfo a ƙasa. Ana wanke ta da tataccen ruwa, sannan a ɗauraye da kaɗan daga asid ɗin da za a zuba, don ruwan da ya maƙale a jikinta kada ya sirka shi. Kafin cikawa a tabbata famfon a rufe yake, a sauko da ita har bakinta ya dawo ƙasa da ido. Wanda ya yi ɗage yana zuba asid sama da kansa, in mazurari ya cika ya tumbatsa, a fuskarsa da hannun rigarsa zai sauka. Bayan an cika sai a cire mazurarin, a buɗe famfo kaɗan don a kori kumfar iska da ke laɓewa a tsinin.

Alkali kuma da fifet ake aunarsa, mililita 25 daidai. Nan ne tsohuwar ɗabi'ar tsotsa da baki ta ƙi mutuwa a ɗakunan gwaji da yawa, kuma tana damuna ƙwarai. Idan tsinin fifet ya fito daga cikin ruwan ana tsakiyar tsotsa, iska ce za ta shiga, ta harbo alkalin cikin baki. Robar zuƙa da ake sa wa a kai ba ta da tsada. Sai dai wajen sa ta a riƙe fifet ɗin kusa da bakinsa, a murɗa a hankali. Wanda ya riƙe daga nesa ya danna da ƙarfi, gilashin kan karye ya shige tafin hannu. A sauke ruwan cikin fulas mai tsukakken wuya, wanda aka ɗauraye da tataccen ruwa kaɗai. Ɗigon da ya rage a tsini ba a hura shi, da shi aka yi lissafin awon tun a masana'anta.

Sai a sa ɗigo biyu ko uku na metil orenj, ruwan ya zama rawaya. Hannu ɗaya na kan famfo, ɗaya na jujjuya fulas a kan farar takarda. Tsukakken wuyan ne ke hana fantsama. Da farko jan da ke bayyana inda asid ya sauka yana ɓacewa nan da nan. Idan ya fara jinkirin ɓacewa, an kusa, sai a koma ɗigo ɗai-ɗai har ruwan ya tsaya a launin lemo. In ya yi ja sosai an zarce, a sake. Wajen karanta buret ido ya daidaita da ƙasan lanƙwasar ruwan.

A ce zagayen farko, na lalube, ya ba da 24.60, na biyu 24.10, na uku 24.00. A ajiye na farko, a ɗauki matsakaicin biyun da suka yi kusa, wato 24.05. Tunda HCl da NaOH ɗaya-da-ɗaya suke cin juna, idan ƙarfin alkalin 0.100 ne, sai a ninka 0.100 da 25, a raba da 24.05, a sami kusan mol 0.104 a lita. Lambobin da kansu suna tona kuskure. Kumfar da ta fita ana cikin aiki tana sa adadi ya haura, domin an ƙirga iska a matsayin asid. Mazurarin da aka bari yana ɗiga a buret yana sa adadi ya ragu. Buret da ba a ɗauraye da asid ba takan ba da adadi mai yawa a cikon farko.

Abin da ya saura a kofi ba a mayar da shi kwalbar ajiya, don kada a gurɓata na kowa. Ruwan fulas ya riga ya zama ruwan gishiri, ana iya zubar da shi a magudana a bi da ruwa mai yawa. A goge tebur, domin ɗigon asid da na ruwa kamanninsu ɗaya, kuma ajin da ke biye zai dafa wurin. A wanke hannu da sabulu tukuna, sannan a cire tabarau.