Lambar NIF: ciniki ake tambaya, ba riba ba

Bana wata 'yar ƙungiyarmu mai tuyar ƙuli-ƙuli da matsar man gyaɗa ta samu odar mai daga wani foroje da ke ciyar da 'yan makaranta. An shirya kan farashi, sai mai lissafinsu ya ce ba ya iya biya sai da faktir mai ɗauke da lambar NIF. Ba ta da ita. Shi ne na raka ta gidan haraji, kuma ga abin da muka koyo.

NIF lamba ce da ma'aikatar haraji ta ƙasa, wato DGI, ke bai wa mai sana'a don a san shi. Mutum ɗaya, lamba ɗaya, ba a aro. Ko ƙungiya tana da tata, wannan ta ƙungiya ce, ba ta hajarki ke kaɗai ba. In kika saida da lambar wata, cinikin a kanta za a rubuta shi, harajin kuma ita zai bi.

Ana neman ta a gidan haraji na garinku. Ki riƙe hotokopin katinki na ɗan ƙasa, da takardar rajistar kasuwanci in kin riga kin yi. Takardar da ake cikewa da Faransanci take, don haka ki je da wadda ta iya karatu kuma kika yarda da ita. Za a tambayi sunanki kamar yadda yake a kati, unguwarku, lambar waya, irin sana'ar da lokacin da kika fara ta. Waɗannan ba su da wuya.

Inda ake tuntuɓe shi ne layin da aka rubuta chiffre d'affaires. Ma'anarsa jimillar cinikin shekara: duk kuɗin da masu saye suka ba ki, kafin ki cire kuɗin gyaɗa, niƙa, itace da mota. Da aka tambayi 'yar uwarmu, sai ta ce: "Ni fa abin da nike samu bai wuce jika shida ba a sati." Gaskiya ta faɗa, amma riba ce ta faɗa. Ba ita ake tambaya ba.

Muka koma gida muka buɗe kayenta. A lokacin da gyaɗa ke da araha tana saida lita 20 a sati, kowace 1.250, wato jika 25, ga ƙuli-ƙuli na jika 5. Jika 30 ke nan a sati. Irin waɗannan satuttuka 30 ne, sun ba da 900.000. Da gyaɗa ta yi tsada ta rage aiki, sati 16 tana jika 15, sun ba da 240.000. Sati 6 ba ta taɓa tukunya ba saboda aikin gona. Jimilla 1.140.000 na sefa. Wannan ne muka rubuta.

Ku lura da abu biyu. Da mun ɗauki sati mai kyau mun ninka shi sau 52, da mun rubuta 1.560.000, mun ɗora mata cinikin jika 420 da ba ta yi ba. Sannan ba kowane kuɗi da ya shigo hannu ne ciniki ba. Bashin asusu, kwasar adashi, aiken ɗanki da ke ci-rani, gudummawar biki, duk ba su shiga wannan layi. Wadda ba ta fara sana'ar ba tukuna, kintace za ta yi, amma ta bi wannan hanya ta ƙirga sati-sati.

Mi ya sa wannan adadi ke da nauyi? Da shi da irin sana'arki ake duba rukunin da za a saka ki. Ƙananan 'yan kasuwa irinmu suna shiga rukunin harajin dunƙule, wanda yawancinmu muke kira patanti, ba a neman manyan littattafan lissafi gare su. In kika kumbura adadi don a ga ke babba ce, kin jawo ma kanki nauyi. In kika rage shi ƙwarai, faktir ɗin da kika bai wa foroje suna ɗauke da lambarki, ranar da aka haɗa lissafi ana iya bin ki cikon haraji da tara.

Kuma lamba ba ta mutuwa don kin daina tuya. In kin bar sana'a ko kin canza gari, ki sanar da gidan haraji a rubuce, in ba haka ba ana ci gaba da lissafa ki. Duk abin da kika biya, ki amshi takardar shaida ki adana.

'Yar uwarmu ta kai manta, an biya ta. Yanzu kowace Juma'a kafin zubi takan rubuta cinikin satin a kaye. Wadda ke son neman lamba ta zo da kayenta taro mai zuwa, mu yi lissafin tare.