Wasan Unity ya koma ruwan hoda a waya

Wasa na tafiya lafiya lau a kwamfuta, amma da aka fitar da shi zuwa wayar Android sai ruwan kogin da ke ciki ya rikiɗe ya zama ruwan hoda mai kashe ido. Unity ce ke shafa wannan launi da gangan, alamar `shader`, wato ɗan shirin da ke gaya wa na'ura yadda za ta zana fuskar abu, ya ƙi aiki.

Sau da yawa bai ma shiga kunshin wasan ba. Idan ta `Shader.Find` kaɗai ake kiransa, kuma babu kayan da ke amfani da shi, Unity kan ɗauka ba a bukatarsa, ta bar shi a baya. A kwamfuta ba za ka lura ba, tunda komai na kusa. Maganin shi ne ka buɗe `Project Settings`, ka shiga `Graphics`, ka saka shi cikin `Always Included Shaders`.

Baƙi kuwa ya fi wuyar sha'ani, domin shirin na aiki, lissafin haske ko hoton da aka shimfiɗa ne ya lalace. Kafin ka taɓa komai, haɗa wayar da kwamfuta ka karanta abin da `adb logcat` ke fitarwa.